Ƙyallen Ankon da Aka Cire Daga Hoto

Tun ina da ciki nake tsoron bakin mutane, don ni da maigidana 'ya'yan wa da ƙane ne, kuma garinmu abu kaɗan sai a ce jinin gidan ne. Da na haifi ɗiyata sai na lura ƙyallen fitsarinta yana yin baƙi in ya jima. In na sa sabulun toka ma sai tabon ya ƙara duhu. Na riƙa shanya a ɗaki.

A asibitin mishan na tarar da ƙawata, wadda muka zauna benci guda a lakwal, makarantar boko, kafin a fidda ni. Yanzu ma'aikaciyar jinya ce, da farar riga da biro a aljihu. Ita ta kai ni ga likita. Aka aika fitsarin gwaji nesa, aka dawo da sunan wata cuta ta gado da ba a cika gani ba.

Likita ya ce yana son rubuta labarin don sauran likitoci su ƙaru. Ba suna, ba gari, ba fuska. Shekarun yarinya kawai, da zumuncinmu, da hoton tabon. Ya ce duk da haka wani na iya gane mu, kuma in na ƙi ba abin da zai rage a kulawa. Aka karanta mani takardar yarda da Hausa, na je na shawarci maigida, muka sa hannu.

Sannan na ji sunan ƙawata zai hau saman takardar tare da nasa. Ni da na gano tabon, ni da na gane zancen sabulu, an kira ni "uwar yarinyar". Ita da ke kwafar lissafina! Na ce mata ko a wurin godiya a sa sunana.

"Ke dai ba ki sake ba," in ji ta. "In aka sa sunanki, ɗiyar wa ta zama?"

Ta jawo hoton a waya, ta nuna mani gefensa. Ashe ƙyallen da ke cikin hoton guntun ankon bikin ƙanena ne, har da rabin rubutun biki da aka buga a gefe. Ita ma tana da irinsa. Ta ce ma'aikatan asibitocin Madawa da Buza na karanta irin waɗannan takardu, kuma matansu sun ci tuwon bikin nan.

Na ji haushi da ita ta gani ba ni ba. Ta goge hoton a gabana, ta ba ni farin ƙyalle. Na kawo shi da sabon tabo, ban sake zancen suna ba.

An ce takardar ta fito. Har yau in ƙawata ta wuce bisa moto sai in ji wani abu a ƙirji, ɗiyata kuwa tana wasa a ƙofar gida ba mai nuna ta.

In ka karanta wannan ka zaci ka san mu, don Allah ka bar shi a cikinka.