Daren da Na Ga Wata Ya Makara

Ban taɓa shiga makaranta ba, amma a unguwarmu ta Gadarif, in ana son sanin kwanan wata ni ake tambaya. Uwata ce ta koya mini. Jinjirin wata a yamma ake nemansa, bayan rana ta faɗi, siriri, kuma ba ya kaiwa isha'i. Ran da na gan shi sai in yi addu'ar ganin wata, in jefa ƙwallon dabino ɗaya a gwangwanin shayi. Kowace magariba in ƙara ɗaya. In an yi ashirin da tara aka duba ba a gan shi ba, sai a cika talatin. Da wannan gwangwanin matan layinmu suke sanin fararen kwanaki, sha uku da sha huɗu da sha biyar, waɗanda ake azumta saboda wata yana haskaka darensu tun daga fari har asuba.

Da yaƙi ya kai garin Madani, wata mata 'yar can ta gudo ta sauka a rumfata da 'ya'yanta mata biyu. Babban ɗanta ya tsaya gadin gida, daga nan labarinsa ya yanke, shabakar waya ma ta ɗauke, ba a iya kiran kowa. Ta ce mini ta yi alwashin raya daren rabin Sha'aban da salla da roƙo saboda shi. Ta ji a wurin malamai dare ne na karɓar addu'a, kuma a shekara sau ɗaya yake zuwa.

"Haboba, ke za ki riƙe mini lissafin. Kaina ba ya riƙe komai yanzu."

Haboba a nan kaka ake nufi, haka ake kirana. Na ce ta bar mini.

Abin da ban gaya wa kowa ba, yana ta fara rufe idona na dama. Yammacin ashirin da tara ga Rajab na tsaya bayan zana na duba har wuyana ya ƙage, ban ga komai ba, sai na ce Rajab ya cika talatin. Washegari na gan shi, ya yi sama, da kauri, har aka kira isha'i yana nan. Raina ya ce wannan ɗan kwana biyu ne. Duk da haka ƙwallo ɗaya na jefa.

Wata rana matar ta dawo daga makarantar da aka sauke 'yan gudun hijira ta ce lissafin mutanen can ya yi gaba da nawa da kwana ɗaya.

"Su wa? Mutanen da suka girma ƙarƙashin lantarki? Ki tambaye su ta ina wata yake faɗuwa."

Ta yi dariya, irin wadda ban ji ta yi ba tun zuwanta. Maganar ta mutu a nan.

A wurinmu dare ne yake riga yini, don haka daren rabin wata shi ne wanda ake shiga da magaribar ran sha huɗu. Wata kuwa kullum yana ƙara jinkirin fitowa da kusan sa'a guda. Kafin ya cika, rana ba ta faɗi ba za ka gan shi fari a gabas. Da ya cika, yana fitowa tana faɗuwa. Bayan nan sai ya bar duhu ya riga shi.

Yammacin da lissafina ya ce daren sha huɗu ne, muna tsakar gida, ita tana toya kisra, wainar dawa mai faɗi, ni ina kan angarib, gadona na igiya, ina kallon gabas. Na sa ran ganinsa tun da sauran rana. Babu shi. Sai da ladan ya gama kiran magariba ya leƙo ta gefen dutse, ja, cikakke, ba inda ya rage. Ko da idona ɗaya na san abin da nake gani. Daren da take jira ne muke ciki.

"Haboba, gobe ne ko?"

Matan maƙwabta biyu suna zaune, sun zo shan jabana, gahawarmu ta nan. Su ne suka ji abin da na faɗa a kan mutanen lantarki.

Na ce, "Gobe ne, 'yata."

Ta yi isha'i ta kwanta da wuri don ta tara ƙarfin gobe. Ni ban runtsa ba. Na yi wa yaron addu'a iyakar iyawata, amma ba ni na haife shi ba, ba ni na yi alwashin ba.

Washegari ta yi wanka ta shimfiɗa darduma. Wata bai fito ba sai da duhu ya kankama, gefensa ɗaya ya fara cinyewa. Ta tsaya har asuba tana kuka tana kiran sunansa.

Ban iya faɗa mata ba sai cikin azumi, tana ɗaure kaya za su koma garin Fau inda ƙaninta ya sama musu aikin gona. Na gaya mata duka, har da idon. Na ce malamai sun ce Allah yana duba niyya, kuma tata ta kai.

Ta ci gaba da ƙulla bakin buhu.

"Na san wannan, Haboba. Amma ina kusa da ke a lokacin. Hannunki kawai za ki miƙa ki taɓa ni in tashi."

Ta sumbaci kaina kamar yadda ake yi wa tsofaffi, ta ɗauki buhun. Har motarsu ta tashi ba a ji labarin yaron ba, ni kuma tun daga ranar ban ji nata ba.