Katan Huɗun da Riskuwa Ta Mayar

Ƙanwata Riskuwa ba ta yarda da kowa ba, kuma ban cire kaina ba. Tun muna yara idan Inna ta aike ni sayen manja, sai ta ɗaga kwalbar ta duba ko na lasa a hanya. Da ta gama karatun harhaɗa magunguna, ta yi shekara goma sha ɗaya a asibitin gwamnati, sannan ta buɗe kantinta a Gwadangaji, sai halin ya sami wurin zama. Ni kuma da na yi ritaya daga koyarwa na sami benci a ƙofar kantin. Nan nake wuni, ina shan iskar fankarta, ina ba ta shawarar da ba ta nema ba.

Masu kawo mata kaya sun san takardarta, har suna yi mata dariya a bayan ido. Wasu masu kanti waya kawai suke ɗagawa su ce a kawo kaza da kaza. Riskuwa sai ta rubuta, ta sa hannu, ta buga hatimi, kuma a ƙasan kowace oda akwai sharuɗɗanta. Duk maganin da za a kawo, ya kasance saura aƙalla wata goma sha takwas wa'adinsa ya cika. Takardar rakiyar kaya ta nuna lambar rukunin kowane magani, da ranar da aka yi shi, da ranar da zai daina aiki. Magungunan yara da masu kashe ƙwayoyin cuta kuwa, sai an haɗo da kwafin takardar shaidar gwaji ta wannan rukunin. Lambar rukuni ita ce wadda masana'anta ke bugawa a jikin duk abin da ya fito daga haɗi guda, don in matsala ta ɓullo a san waɗanda za a bi a janye.

Na taɓa tambayarta me ya sa sai wata goma sha takwas, alhali shekara ma ta isa. Ta ce in dubi masu sayenta. Magani yakan yi wata shida a kanta kafin ya fita, mutumin Zauro kuma in ya saya ya kai gida, ba ya duba kwanan wata, sai ya ajiye ragowar zuwa wata damina. A raina na ce tsirfa ce kawai.

Mutum ɗaya ne ba ya yi mata dariya, Alhaji Yari. Abokina ne tun muna firamare, shi ya tsaya mini a bikin aurena, kuma shi ne wakilin wani dilan magunguna na Sakkwato da ke zagaya Birnin Kebbi da Argungu da farar mota. Shekara bakwai yana kawo wa Riskuwa kaya, takardunsa cif. Ko da ta tsayar da shi a rana tana ƙirga, murmushi yake yi ya zauna kusa da ni mu taɓa hira.

A watan Agustan bara ruwa ya sauka sosai, yara suka yi ta tari da zazzaɓi. Maganin nan na gari da ake zuba wa ruwa a girgiza a ba yara masu ciwon ƙirji ya yi wuya a gari. Na Riskuwa ya ƙare ƙaf. Kwana biyar iyaye suna zuwa da takardar likita tana ba su haƙuri. Ta yi odar katan huɗu a wurin Yari, kowane kwalba hamsin.

Ranar Talata da hantsi Yari ya iso. Ya sauke kaya, ya miƙa takarda, ya ce yana sauri don ana jiransa a Argungu. Wannan saurin ne ya fara tsaya wa Riskuwa a rai, domin Yari bai taɓa sauri ba. Ta ba ni kwali ɗaya ta ce in karanto lambar da ke jikinsa, ita tana bin takarda da biro, yadda muka saba. Na gyara tabarau na karanta. Haruffa biyu ne da lambobi, ƙarshensu huɗu, huɗu, bakwai, ɗaya.

Ta ce in sake. Na sake. Ta buɗe katan na biyu, da na uku, da na huɗu, duk lambar ɗaya ce, kuma ba ita ce a takarda ba.

"Yaya Yari," in ji ta, "lambar da ag ga takarda daban, wadda ag ga kwali daban. Ƙaƙa haka?"

"Kuskuren yaran ohis na, Hajiya. Dibi kwanan wata, shekara biyu cur ta rage mai. Ya ma wuce abin da kika ce."

"Na gani. Ina takardar gwajin wanga rukuni?"

Ya zaro wata ya ba ta. Ta duba ta ce wannan ta rukunin da ke rubuce a takardar rakiya ce, ba ta wanda ke gabanta ba. Ya ce zai turo mata ta waya kafin la'asar. Ta ce to in ta iso sai ya dawo da kayan. Sannan ta ɗauki kwali ɗaya ta juya shi a hannu, ta shafa wurin kwanan watan da babban yatsa, ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake. Ta rubuta lambar a littafinta, ta ce a mayar da katan huɗun mota.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ga wata mata tsaye da yaro a goye yana tari, ga magani a ƙasa, ga abokina dattijo yana sunkuyawa yana ɗaukar kaya da kansa. Da motarsa ta tashi na shiga na same ta riƙe da waya. Ta ce za ta kira ofishin dilan ta tambaya ko rukunin nan daga rumbunsu ya fito, in kuma suka ce ba su san shi ba, za ta sanar da hukumar kula da magunguna.

Nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce mata, "Riskuwa, ke kin ga wani abu da idonki?"

"Ban gani ba, Yaya. Zato nika yi."

"To bisa zato za ki raba mutum da aikinai? Kin ƙi kaya, ya isa. Yari ɗan gida na. Ki yi min kara ki aje wagga waya."

A duniya ba na jin akwai wanda ya taɓa sa Riskuwa ta bar abin da ta yi niyya, amma ni na girme ta da shekara tara, kuma ni na riƙe ta bayan rasuwar Baba. Ta ajiye wayar. Takardar da Yari ya ce zai turo ba ta zo ba da la'asar, ba ta zo ba washegari, kuma da na kira shi sai ya ce yana kan hanya, zai neme ni. Ni ma daga nan na fara zargi, sai dai na danne shi.

Bayan kwana goma sha biyu 'yata Zuhura, wadda ke aure a Argungu, ta kira ni. Ta ce Ummu Hani ba lafiya. Ummu Hani jikata ce, shekararta biyu da rabi, ita ce mai ƙwace mini hula duk lokacin da na je. An kai ta asibiti, an ce ciwon ƙirji ne, an rubuta magani, sun saya a wani kemis kusa da kasuwa. Kwana huɗu tana sha, jikin sai ƙara zafi yake, numfashin kuma ya koma sama-sama.

Muka shiga mota ni da Riskuwa bayan azahar. Muna isa ta dubi yadda haƙarƙarin yarinyar ke shiga yana fita, ta ce a nemo Keke Napep yanzu, a koma asibiti. Ana cikin neman zani da takalmi sai na ga kwalin maganin a kan taga. Ban san abin da ya sa na ɗauka ba, wataƙila sabo. Na gyara tabarau. Huɗu, huɗu, bakwai, ɗaya.

Na zauna a bakin gado. Na miƙa wa Riskuwa kwalin. Ta zaro kwalbar, ta sa farce a gefen takardar da ke manne a jikinta, ta ɓanɓaro a hankali. Akwai wata takardar a ƙasa. Lambar rukuninta daban, kuma wa'adinta ya cika tun wata goma sha huɗu da suka wuce.

Ummu Hani ta yi kwana tara a gadon asibiti, uku daga ciki da robar iska a hanci. Allah ya tashi kafaɗunta. Na tambayi likitan ko maganin ne ya jawo, ya ce ba zai rantse ba, domin wani ciwon yakan ƙi jin magani ko da mai kyau ne, amma garin da ya wuce wa'adinsa haka, ya kuma sha zafin rumbu, ba abin dogaro ba ne. Na so a ce ya rantse ta kowane ɓangare, da na san inda zan ajiye kaina.

Washegarin kwantar da Ummu Hani ni da kaina na ɗauki kwalbar da littafin Riskuwa muka je da ita ofishin hukumar a Birnin Kebbi. Dilan ya ce rukunin bai taɓa shiga rumbunsa ba. Ashe da kaya suka yi ƙaranci, Yari ya sayar da na kamfani a wani wuri, ya sayo waɗannan a kasuwa wurin wani da ba shi da lasisi, ya biyo da su da takardar kamfani. Ya rantse mini bai san an sake musu takarda ba. Wani lokaci ina yarda da shi, wani lokaci kuma sai in tuna saurin da yake yi ranar nan. An sallame shi daga aiki. In mun haɗu a jana'iza yanzu, hannu kawai muke ba juna.

Riskuwa ba ta taɓa ce mini ga abin da ka jawo ba, ko sau ɗaya. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Abin da ta yi kawai, ta ƙara layi ɗaya a ƙasan takardar odarta: duk kayan da lambarsu ta saɓa da takarda, za ta sanar da dila da hukuma a ranar, ko wane ne ya kawo. Har yanzu ni nake karanto mata lambobi, kuma ban sake cewa tsirfa ba ce.

Ma'aikatan hukumar sun bi kemis-kemis na Argungu da ƙauyukan kewaye da lambar nan a hannu. Cikin kwalba ɗari biyu da Riskuwa ta mayar mota, sun samo ɗari da talatin. Saba'in an riga an sayar a cikin kwana goma sha biyun da na roƙa aka yi shiru. Ɗaya ita ce na tarar a tagar Zuhura. Sauran sittin da tara, ban san jikokin wa suka sha ba.