Layin mai irin albasa

Shekara shida ina sayar da irin albasa da layin waya ɗaya. Iri kuwa ba ya nuna halinsa a tafin hannu, sai ya kwana a ƙasa, don haka sunan mai sayarwa ake saye. Da na tashi daga Kura na koma wani ƙauye a bayan Bunkure, layin ya daina kamawa sai na hau gadar kanal. Na gaji da hawan gada, na sayi na wani kamfani.

Niyyata in karya tsohon sim in jefa a ruwa. Ƙanwata mai aikin banki a Kano ta ji, ta ce, "Yaya, sim za ka karya, lambar tana nan. In ta daɗe ba a amfani da ita, kamfani sayar wa wani zai yi. Manomi ya kira, baƙo ya ce shi yaronka ne, ya aiko masa da mataccen iri. Sunan wa zai ɓaci?"

Na ce kai, ke da iyayi! Amma na fasa karya shi.

Ta hana ni cire tsohon sim sai na gama sauya lambar a ko'ina. Na je banki na cike fam aka mayar da alat kan sabon layi. Na shiga kafen intanet na sauya lambar da ke kan imel ɗina, wadda in an manta kalmar sirri ake turo saƙo a kanta. Sakataren ƙungiyar masu noman rani ya goge tsohuwar lambar a rajista. Ta bangon tsohon shagona ma na shafe da fenti.

Wahalar tana wajen mutane. Na tura saƙo, alhali rabin manomana ba sa karanta boko. Dole na bi su gona-gona a babur, ina karɓar waya ina gyarawa da hannuna. Wani dattijo ya ƙanƙame tasa, wai koren maɓalli yake dannawa sau biyu ya same ni, kada in ɓata masa. Na kira sabon layin da wayarsa don ya zama na sama a jerin kira, na ce, "Baba, danna." Aljihuna ya ɗau ƙara. Ya yi dariya har da tari.

Sai da na yi wata biyu babu kiran iri a tsohon layin, sannan na karya shi.

Bayan shekara na kasa haƙuri, na buga lambar. Wata mata ta ɗauka, tela ce a Jos. Na gaishe ta, na ce, "Hajiya, don Allah ana kiranki neman irin albasa?"

Ta ce, "Irin me? Malam, ko mutum ɗaya. Kai ne na farko."

Na ɗan ji zafi, ba zan ɓoye ba, shekara shida fa! Amma daɗin ya fi. A ranar ma mutum huɗu suka kira ni a sabon layin, kowa na son mudu.