Gurguwa a Hoton Manaja

Shekara ashirin da shida Baba Mai Lambu ya yi yana kula da lambun wani gidan haya mai hawa huɗu. Mutum ne marar surutu, sai dai in ka kuskura ka kira tsuntsu da sunan da ba nasa ba, to ranar za ka sha karatu har ƙafarka ta yi sanyi. Bai haihu ba. Mai ɗakinsa ta rasu ta bar masa tattabaru goma sha ɗaya a wani akurkin katako bayan tankin ruwa, kuma su ne iyalinsa, ba ya jin kunyar faɗa. Da asuba yake cika musu ciki da hatsi kafin ya sake su, don kada su sa baki a kayan mutane. Wadda ya fi so ita ce Gurguwa, mai ɗingishi, wadda marigayiyar ta ɗaura wa jan zare a ƙafa.

Matsalar ta fara ne da aka kawo sabon manaja, matashi mai son ganin komai a waya. Sau biyu ana yafa irin ciyawa a tsakiyar lambun, sau biyu tsuntsaye na tsince shi. Masu haya suka yi ta ƙorafi. Wata safiya manajan ya leƙo ta tagar ofis ya ɗauki hoto, ya aika aka kira tsohon.

"Baba, ga tattabarunka nan ƙiri-ƙiri a kan irinmu."

Baba Mai Lambu ya goge tabarau da bakin riga, ya ce a buɗa masa hoton. Tsuntsaye biyar ne.

"Ranka ya daɗe, babu tawa ko ɗaya. Waɗannan huɗun kurciyoyi ne. Dubi sirantar jiki, dubi ɗan kai, ga wutsiya doguwa, ga baƙin layi a bayan wuya kamar rabin sarƙa. Tattabara ƙirji gare ta, wutsiyarta gajera ce, kuma tana da farin tudu a gindin baki."

"To wannan babbar fa?"

"Hasbiya ce. Girmansu ɗaya da tattabara, shi ke ruɗin mutane. Amma ka ga jan nan da ya kewaye ido, da fararen ɗigo a fuka-fuki? Ta daji ce, ba ta da ubangida."

Manajan ya saurara cikin ladabi, irin ladabin wanda ya riga ya yanke hukunci.

"Baba, ni duk ɗaya nake ganinsu. Su ma masu haya haka. Nan da kwana uku a kwashe akurkin."

Gaskiya tana gefen tsohon, kuma ba ta tsinana masa komai ba. Ya zuba tattabarun a kwanduna biyu ya kai wa wani mai kiwo a ƙarshen gari, ya yi ta jaddada masa cewa ya rufe su aƙalla wata guda, don tattabara ba ta manta gida. Da hannunsa ya cire ƙusoshin akurkin. Ya ji baƙin ciki irin wanda rabonsa da shi tun ranar da aka fita da gawar matarsa. Har yanzu yakan farka da asuba ya ɗebo hatsi a kwano, sai ya kai bakin ƙofa ya tuna.

Aka yafa iri karo na uku. Kurciyoyi suka zo suka yi kalaci kamar an gayyace su.

Bayan sati biyu manajan ya same shi yana ban ruwa, ya ɗan sosa ƙeya.

"Baba, ashe maganarka ce. Za mu sa raga a kan irin. Na daji ba yadda za mu yi da su. Amma akurki kam an rufe maganarsa, mai gidan ya ce duk tattabarar da ta dawo a ɗana mata tarko." Ya miƙo wayar. "Ga wata na ɗauka jiya bayan tanki. Kurciya ce ko? Na fara koyo."

Tsohon bai ma nemi tabarau ba. Tsuntsuwa ce mai faɗin ƙirji da farin tudu a baki, wuyanta na sheƙin kore, tana tsaye daidai inda akurki yake a da, inda yanzu sai shatin katako a jikin bango. Ta rame. Ƙafa ɗaya a ɗage take, kuma da ka lura za ka ga ɗan jan zare.

Ruwan tiyo yana ta zuba a kan takalminsa bai sani ba. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana gyara wa mutane sunan tsuntsu ya daɗe yana kallon wayar.

"Kurciya ce, ranka ya daɗe," ya ce. "Ka iya."

Manajan ya tafi yana murmushi. Baba Mai Lambu ya kashe famfo ya zagaya bayan tanki. Tana nan a kan bango, kuma tana ganinsa ta sauko da ɗingishinta ta nufo shi. Akwai hatsi a aljihunsa, ya san kuma in ta ci yau, gobe ma za ta zo. Ya sunkuya ya ɗauki ɗan dutse, ya jefa kusa da ita, a hankali, don kada ya same ta.