Ranar da Halimatu ta cire "ɗan Inna" daga bakin Baba Tanko

Ni tela ce, ƙanwata Halimatu kuma mai gyaran murya. Shago ɗaya muke a Yelwa, kekena a bakin ƙofa, ita kuma tana can ƙurya da kwamfuta da abin sauraro a kunne. Tun tana ƙarama ba ta da surutu, sai sauraro. Idan Inna ta aike ta, za ta dawo da saƙon har da tarin da mai saƙon ya yi. Ta yi karatun aikin jarida, aiki bai samu ba, ta dawo gida tana haɗa wa 'yan kasuwa sautin talla. A haka Malam Andrew ya same ta. Malamin makaranta ne ɗan wajen Shanga, yana da shirin fodkas, wato hirar da ake sakawa a intanet kowa ya saurara a waya. Shi ke yawo bakin ruwa yana ɗauko hirar masunta da masu jirgi, ita kuma ta gyara.

Na sha tsokanarta cewa ni ina yanka yadi in ɗinka riga, ita tana yanka iska. Aikin nata dai shi ne cire "e'e" da "am" da "ka gane" da mutum ke cusawa a magana, da rage dogon shiru, har hira ta tafi sumul. Ba ta cika zaƙewa ba. Takan bar wa dattawa kaɗan daga nasu, wai idan aka share duka sai mutum ya zama kamar mai karanta labarai.

Wata Laraba da hantsi Malam Andrew ya turo mata wata hira, ya ce ba sai ta wahala ba. Ya riga ya sauya muryar mai maganar ya mayar da ita kauri, ya cire suna da gari, ita dai ta daidaita ƙarar sauti kawai. Kunnenta ya gaji, sai ta saki sautin a sifika. Wani mutum ne ke ba da labarin yadda masu bindiga suka tsare shi da jirginsa, suka sa ya tsallakar da su, suka kuma ce za su dawo. Muryar kamar daga cikin randa take fitowa. Ina taka keke ina ji da rabin kunne, sai mutumin ya ce, "Sunka ce in tuƙa, ɗan Inna, in ban tuƙa ba, ɗan Inna..."

Ban ko ɗaga kai ba na ce, "A'a, Baba Tanko na Warra! Mi ya samu muryatai?"

Halimatu ta tsayar da sautin. Da na juyo na ga fuskarta, sai da ƙafata ta sauka daga kan keke. Innarmu 'yar Warra ce, can muke zuwa hutu tun muna yara. Duk wanda ya taɓa shiga jirgi a wannan mashiga ya san Baba Tanko ba ya haɗa kalma biyar bai ce "ɗan Inna" ba. Mace ma ɗan Inna ce a wurinsa, har injin jirginsa idan ya ƙi tashi. Malam Andrew baƙo ne a can, shi ya sa bai san wannan ba.

"Yaya," in ji ta a hankali, "in ke kin gane shi kina ɗinki, masu kai musu rahoto hwa?"

Kowa a bakin ruwan nan ya san abin da ke samun wanda aka ce ya yi magana, ba sai na faɗa ba.

Ta kira Malam Andrew ta gaya masa. Ya yi salati irin nasu na Kirista. Sannan ya ce matsalar ita ce Baba Tanko da kansa ya roƙa a saki hirar kafin gobe, ranar da jirage ke cika da 'yan kasuwa, don masu jirgi su ji su yi hattara, kuma ya yi masa alkawari. Halimatu ta ce ya ba ta zuwa la'asar, kada ya saki komai sai abin da ya fito daga hannunta. Ta sa na ja ƙofa, na kori mai karɓar ɗinki da ƙaryar ciwon kai.

Hirar ta kusa awa guda. Akwai manhajojin da ke nemo irin waɗannan kalmomi su share da kansu, amma Turanci suka fi ji, ba su san wani ɗan Inna ba. Dole da hannu. Ta ajiye asalin a gefe, ta buɗe kwafi. Layi biyu ne a allon, na makirfon Malam Andrew a sama, na Baba Tanko a ƙasa, ta ɗaure su tare don duk inda ta yanka su tafi daidai, kada tambaya ta zame daga amsarta.

Da rage shiru ta fara, don shi injin ke iya yi. Ta gaya wa manhajar duk inda sauti ya yi ƙasa da wani ma'auni na tsawon lokaci, ta rage shi zuwa kamar rabin daƙiƙa. Ta gwada a ɗan yanki tukuna, sai ga ɓarna. Baba Tanko idan ya zo ambaton mutanen nan murya yake saukewa, kamar yadda duk muke yi, injin kuwa ya ɗauki raɗan nasa shiru ne ya cinye rabin maganar. Ta maido, ta sauke ma'aunin ƙasa har raɗan ya tsira. To amma yanzu wasu dogayen shirun sun tsallake, domin ƙarar ruwa da iska da ke bayansu ta fi ma'aunin. Ta ce waɗannan sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

Sai ta ƙara wa sautin gudu tana saurara, duk inda ya ce "ɗan Inna" ta danna alama ba ta tsaya ba. Can ta nuna mini allon. Ashe kalmar tana da sura, ɗan tudu gajere sai wani mai jela, har ta fara ganinta kafin ta ji ta. Da alamomin suka cika ta koma farko. Ta buɗa wurin ya yi girma, ta zaɓi daga ƙarshen kalmar baya zuwa gab da numfashin da ke biye, ta share, gibin ya rufe da kansa. Numfashin takan bar shi, in ba haka ba maganar sai ta yi karo da juna. Inda mahaɗar ta yi "ƙas" a kunne, sai ta ɗan lulluɓe bakin biyu su narke cikin juna, kamar yadda nake kashe bakin ɗinki.

Ni dai ban iya komai ba sai leƙen ƙofa. Duk babur da ya tsaya sai na tashi na duba, alhali babu wanda ya san abin da muke yi.

Bayan azahar ta iso wani dogon shiru, inda Malam Andrew ya tambaye shi wa ke cikin jirgin tare da shi. Baba Tanko bai amsa ba. Mu mun san ɗansa na fari ne, wanda ba ya kiran sunansa, kuma tun da masu bindigar suka tafi da shi har yau bai dawo ba. Halimatu ta ce bari ta ji abin da ke cikin shirun kafin ta taɓa shi. Ta ɗaga ƙarar wurin sosai, ta miƙo mini kunne ɗaya na abin sauraron. Ruwa na bugun gaɓa. Can nesa, siririya, muryar mace ta ce, "Malam Tanko, abinci na hucewa."

A sifikar waya ba lallai a ji ba, amma da ta daidaita ƙarar sauti kamar yadda aka ce ta yi, shi ke nan ta ɗago muryar da hannunta. Ta yanke shirun ɗungurungum. Sai amsar da ke biye ta faɗo kan tambayar kamar mutumin bai damu ba. Ta zauna tana kallon allon, idonta ya ciko. Daga baya ta nemo wani wuri da babu komai sai ruwa, ta kwafo kaɗan ta dasa a gurbin, ta bar masa ɗan shirunsa. Sauran shirun duka haka ta bi su, tana ɗaga ƙara tana saurara kafin ta rage.

"Ɗan Inna" guda ɗaya ya ƙi fita. Ya faɗi kalmar daidai lokacin da Malam Andrew ke tambaya. Ta kashe layin Baba Tanko a wurin, amma makirfon Malam Andrew ya kwaso ta, tana nan a ƙarƙashin muryarsa. Kuma tambayar ce ta jawo wuri mafi daɗi a hirar. Ta ce, "Ya tafi duka," ta yanke tambayar da amsarta.

Ana kiran la'asar ta sa ni zama na saurari hirar tun daga farko da gudunta na ainihi. Ta ce in na ji Baba Tanko ko sau ɗaya in ɗaga hannu. Na kasa kunne kamar raina ne a ciki. Wani mutum na ji mai magana a miƙe, wanda ban taɓa sani ba. Ta tura wa Malam Andrew.

Kwanakin da suka biyo ba mu da sukuni. Idan wayarta ta yi ƙara sai mu kalli juna. Kullum cewa take wataƙila akwai guda da ta tsallake.

Da sati ya zagayo Inna ta aike mu Warra gaisuwar rashin lafiya, muka bi ta mashiga. Masu jirgi na zaune ƙarƙashin rumfa, Baba Tanko na gefe yana gyaran igiya, kuma hirar ce ke tashi a wayar wani. Halimatu ta riƙe mini hannu har farcenta ya shige ni. Wani mai jar hula da ban sani ba ya juya ya ƙura wa Baba Tanko ido.

"Tanko, ka ji wanga mutum?"

Igiyar ta tsaya a hannunsa.

"Ka ji yadda aka magana tiryan-tiryan? Da kai anka ɗauka, da har yanzu muna nan wurin ɗan Inna na farko."

Rumfar ta kwashe da dariya. Baba Tanko ma ya yi, ya ce, "Ai ni ban iya ba, ɗan Inna." Ya sunkuya kan igiyarsa, na ga ƙullin ya ƙi ɗauruwa.

Mun gaishe shi a matsayin 'ya'yan Zainabu, wato Innarmu, ya tambayi lafiyarta. Bai san Halimatu ce ta taɓa muryarsa ba, ita ma ba ta faɗa ba. Har yau tana nan ƙuryar shagona tana yankan iskarta, sai dai na daina tsokanarta. Kuma tun daga ranar, duk hirar da aka kawo daga bakin ruwa, sai ta sa na ajiye ɗinki na saurara, ta tambaye ni ko na san mai maganar.