Awa Takwas na Ranar Hutu

Shekara ashirin da biyu tana guga a ɗakin wankin otal, har sunanta ya ɓace, kowa Uwar Guga yake ce mata. Mata goma sha ɗaya ne a ƙarƙashinta, kuma in ta ce fari, ba mai duba launi. Ba ta sa hannu a takarda sai ta ɗauko tabaranta mai ɗaurin zare ta karanta layi-layi, manaja na tsaye yana tsaki.

Kwantiraginsu kuwa a kanta yake: awa arba'in a mako, abin da ya haura obataim ne, kuɗin awa ɗaya da rabi. Ranar hutun gwamnati ana biyanta awa takwas, a kuma lissafa ta cikin arba'in ɗin kamar an yi aiki.

Wani mako hutu ya faɗo Litinin, baƙi suka cika otal, zannuwan gado suka taru har bakin ƙofa. Matan suka ce su ƙarfe huɗu za su tashi.

"Haba, ku yi awa goma-goma, Talata zuwa Juma'a," in ji ta. "Arba'in ke nan. Da takwas na hutu, arba'in da takwas. Takwas ɗin sama a biya ku kuɗin awa sha biyu. Ni na faɗa."

Suka yi, ƙafafu a kumbure.

Da albashi ya fito, arba'in da takwas ɗin duk a farashin kullum aka biya. Kuɗin awa huɗu ya bi iska a kan kowace mace.

Ta hau ofishin akawu ko ɗar babu. Ai ɗan ƙaninta ne, a ɗakinta ya yi karatu, ita ta roƙa masa kujerar.

"Ɗana, ka yi kuskure."

Bai ɗago ba. "Goggo, awannin da aka yi aiki ake ƙirgawa. Arba'in kuka yi cif, ba ku haura ba. Na hutun an biya daban."

"Kwantiragi fa?"

"Tsohon ke nan." Ya turo mata sabon, da sa hannunta ɓaro-ɓaro a ƙasa.

Nan ta tuna. Wata uku baya shi ya sauko da takardun da kansa, yana dariya. "Goggo, bar tabaran nan, irin na da ne." Ta bari. Ita ce ma ta jera matan suka sa hannu. Kaico! Da ɗan gari kan ci gari.

"Ka san an cire layin lissafin ranar hutun?"

"Ni na buga shi."

Abin ya ci ta har ƙashi. Ta sauko ta gaya wa matan komai, ba ta rage ba. Ba wadda ta zage ta, da ma sun zaga. Ƙaramar cikinsu ce kawai ta miƙo takardar albashinta don a duba mata, sai ta tsaya, ta ninke ta, ta mayar cikin jaka.