Bashin Injin Yayana

Ranar jana'izar yayana a Zurmi, liman ya tambayi bashi, na ce na ɗauka. Rancen banki ne na shekara biyu da ya sayi injin niƙa da shi, ya biya shekara guda, na zaci saura rabi.

A Ƙaura ma'aikaciyar bankin ta nuna mini jadawalin biya.

"Malam, biyan kowane wata ɗaya ne," ta ce, "amma ruwan abin da ya rage muke fara cirewa, sauran ya rage uwar kuɗi. Da farko bashin na da yawa, ruwan ma haka."

Saura ya haura rabi sosai. Raina ya ɓaci, amma lissafinta daidai ne. Na sayar da injin, bai isa ba, na haɗa da geron da marayunsa za su ci.